Abin da ya sa wasan da aka raba tsakanin na'urorin PlayStation na gida ke neman intanet kullum

A gidajen da ke da na'urar PlayStation fiye da ɗaya akwai wani ƙorafi da ake yawan ji. An sayi wasa da kuɗi, an sauke shi gaba ɗaya a kan na'ura, ya ci data mai yawa, amma duk ranar da intanet ya yanke sai hoton ɗan ƙaramin kwaɗo ya bayyana a jikin wasan, ko kuma a fito da sanarwar cewa an kasa tantance lasisi. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, wasan nan ɗaya yana buɗewa lafiya lau a na'urar da ke falo ko da babu intanet, amma a wadda ke ɗakin yara sai ya ƙi. Wasu kan ɗauka na'urar ce ta lalace su kai ta wajen mai gyara, wasu kuma su goge wasan su sake sauke shi, su yi asarar data a banza.

A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Tsarin da kamfanin Sony ya shimfiɗa ne yake aiki yadda aka tsara shi, kuma wanda ya fahimci ƙa'ida ɗaya a cikinsa zai iya hango wace na'ura ce za ta kulle, da kuma lokacin da za ta kulle.

Abin da aka saya da gaske

Wanda ya sayi wasa a shagon intanet na PlayStation Store bai sayi fayil ɗin da ya sauka a kan na'urarsa ba. Abin da ya saya izini ne na amfani da wasan, wato lasisi, kuma an rubuta wannan izini da sunan asusunsa na PlayStation Network, ba da sunan na'urar ba. Fayil ɗin a kulle yake zuwa. Ana iya kwafar sa a kan na'ura goma, ana iya ajiye shi a ma'ajiyar waje, amma ba zai buɗe ba sai na'urar ta gamsu cewa mai izinin yana nan.

Da faifai abin ya fi sauƙi, domin faifan da kansa shi ne shaida. Shi ya sa ko bayan an kwafe wasan daga faifai zuwa cikin PS4 ko PS5, na'urar ba za ta buɗe shi ba sai an saka faifan a ciki. Faifai ɗaya ba zai kasance a ɗaki biyu a lokaci guda ba, saboda haka kamfani ba ya buƙatar tambayar kowa. Wasan da aka sauke daga intanet ba shi da irin wannan shaida ta hannu, sai aka nemo masa hanyoyi biyu na tabbatarwa.

Hanya ta farko ita ce a ajiye izinin a cikin na'ura guda ɗaya da mai asusu ya zaɓa a matsayin ta gidansa. A PS4, wadda ta fito a shekarar 2013, sunan wannan tsari a kan allo shi ne Primary PS4. A PS5, wadda ta fito a 2020, an sauya masa suna zuwa Console Sharing and Offline Play, amma aikin kusan iri ɗaya ne. Na'urar da aka ba wannan matsayi tana riƙe da izinin a cikinta. Ba ta buƙatar tuntuɓar kamfani duk lokacin da za a buɗe wasa, kuma duk wanda ke da suna a kan na'urar, yaro ko babba, zai iya buga wasannin mai asusun da nasa sunan.

Hanya ta biyu ita ce ta duk wata na'ura da ba ta gida ba. Mai asusu yana da damar shiga asusunsa a kan na'urar ɗan'uwansa ko ta abokinsa, ya sauke wasanninsa ya buga. To amma a nan izinin aro ne. Shi kaɗai zai iya buɗe wasan, da sunansa, kuma dole ya kasance a haɗe da PlayStation Network, domin na'urar tana tambayar kamfani a lokacin buɗewa, sannan ta riƙa maimaita tambayar yayin da ake cikin wasa. Idan haɗin ya yanke, sai ta fito da gargaɗi, wanda a PS4 yakan ce za a dakatar da wasan cikin minti 15, sannan ta rufe shi idan intanet bai dawo ba.

Ƙa'idar da duk matsalar ta rataya a kanta ita ce wannan: asusu ɗaya ba ya samun na'urar gida fiye da PS5 ɗaya da PS4 ɗaya a lokaci guda. Gidan da ke da PS5 biyu da asusu ɗaya na sayen wasa, dole ɗaya daga cikin na'urorin ta zama baƙuwa, kuma baƙuwar ce ke neman intanet kullum. Babu wani saiti da zai mayar da su biyun na gida.

Dalilin kamfanin a bayyane yake. Da a ce kowace na'ura da mutum ya taɓa shiga asusunsa a kai za ta riƙe izini har abada, da mutum ɗaya ya sayi wasa ya zagaya unguwa yana rabawa. Ana iya jayayya a kan ko na'ura ɗaya ta wadatar ga gida mai yara shida da ɗakuna uku, kuma a ganina ba ta wadatar ba. An zana tsarin ne da tunanin gida mai talabijin ɗaya da intanet da ba ya yankewa. Amma ko an ji daɗi ko ba a ji ba, haka lissafin yake.

Misali daga gida mai na'ura biyu

A ɗauki wani magidanci ma'aikacin gwamnati da ya sayi PS5 ya ajiye a falonsa. Ya buɗe asusu da sunansa, ya sayi wasan ƙwallon ƙafa na EA Sports FC da wasan Spider-Man. A karon farko da mutum ya shiga asusunsa a kan PS5, tsarin na'urar gida yakan kunna da kansa, saboda haka bai ma san akwai shi ba. Shekara guda shi da yaransa suna wasa, da intanet ko babu, ba su taɓa ganin kwaɗo ba.

Daga baya ya sayi PS5 ta biyu domin ɗakin samari. Babban ɗansa ya shiga asusun mahaifin a kan sabuwar na'urar, ya sauke wasannin biyu, sannan ya koma kan nasa sunan domin ya buga. Nan take ya tarar da kwaɗo a kan wasannin, duk da cewa intanet yana aiki. Wannan shi ne kulli na farko, kuma ba na intanet ba ne: a na'urar da ba ta gida ba, wanda ba mai asusun ba ba shi da izini ko kaɗan. Ko da an jawo masa intanet mafi ƙarfi a garin, ba za ta buɗe masa ba.

Yaron ya gano cewa idan ya zauna a kan sunan mahaifinsa wasan yana buɗewa. Sai ya ci gaba da yin haka, har ranar da aka ɗauke wuta, na'urar raba intanet ta mutu, janareta kuma ya tayar da talabijin da PS5 kawai. Can sai ga gargaɗin lasisi, kuma ba a jima ba wasan ya rufe. Wannan shi ne kulli na biyu, shi ne na intanet. Akwai kuma na uku da ke jiransu: idan mahaifin ya dawo daga aiki ya shiga asusunsa a falo tare da intanet, za a fitar da yaron daga asusun a ɗakin samari, domin asusu ɗaya ba ya zama a buɗe a kan PS5 biyu a lokaci guda. Yana fita kuwa, izinin aron ya tafi da shi.

Wani abokinsa ya koya masa ya kunna Console Sharing and Offline Play a na'urar ɗakinsu. Ya kunna, komai ya buɗe, ƙannensa ma suka samu shiga da nasu sunayen. Abin da bai lura da shi ba shi ne, kunnawar ta ɗauke matsayin daga falo ta dawo da shi ɗakin samari. Na'urar falo ba lallai ta nuna alama nan take ba, domin sai ta haɗu da PlayStation Network za ta samu labarin an sauke ta daga matsayinta. Bayan kwana biyu mahaifin ya zauna zai yi wasa, data ta ƙare, sai ya ga kwaɗo a kan wasan da ya saya da kuɗinsa, a kan na'urar da ba ta taɓa ba shi matsala ba. Wannan jinkiri ne ke sa mutane su kasa danganta matsalar da abin da ya haddasa ta, su ce haka kawai na'urar ta fara rigima.

Yanzu gidan yana da zaɓi biyu na gaskiya. Idan aka bar matsayin gida a ɗakin samari, duk yaran za su yi wasa da sunayensu ba tare da intanet ba, shi kuma mahaifin, da yake shi ne mai asusun, zai yi wasa a falo muddin yana haɗe. Wannan ne kaɗai tsarin da ke ba su damar buga wasa ɗaya a na'ura biyu a lokaci guda da saye ɗaya, har ma su kara da juna idan wasan na intanet ne kuma sharuɗɗansa sun cika. Farashinsa shi ne falo ya dogara da intanet, kuma baƙon da ya zo falo ba zai iya buɗe wasan da nasa sunan ba. Idan kuma aka mayar da matsayin falo, ɗakin samari ya koma kan sunan mahaifin kaɗai, da intanet, kuma sai lokacin da shi ba ya kan asusun.

Shawarar da ta fi dacewa a nan ba ta da wuya. A ba da matsayin gida ga na'urar da mutane da yawa ke amfani da ita, ko wadda intanet ɗinta ya fi rauni. Mai asusun ya ɗauki matsayin baƙo a inda haɗin ya fi ƙarfi.

Akwai wata dabara da 'yan'uwa biyu kan yi, musamman idan ba gida ɗaya suke zaune ba. Kowannensu ya mayar da na'urar ɗayan ta zama ta gidan asusunsa. Wa ya samu wasannin ƙane ba tare da intanet ba, ƙane ma ya samu na wa. Sai dai kowannensu ya zama baƙo a kan na'urarsa ga wasannin da shi ya saya. Mutum zai ga wasan da ɗan'uwansa ya saya yana buɗewa babu data, wanda shi ya biya kuɗinsa kuma yana neman intanet. Ba kuskure ba ne, abin da suka shirya da hannunsu kenan.

Asusun iyali ba ya raba wasa

Wani ruɗani da ya kamata a kawar shi ne na Family Management, wato sashen da iyaye ke buɗe wa yara asusu a ƙarƙashin nasu. Sunan yana sa a zaci duk wanda aka saka a cikin iyali ya gaji wasannin uba. Ba haka ba ne. Aikin wannan sashe shi ne iyakance lokacin wasa, da shekarun wasannin da yaro zai iya buɗewa, da kuɗin da zai iya kashewa a wata. Rabon wasa yana bin na'ura ne, ba ya bin zumunta. Ɗan da ke cikin asusun iyali amma yake kan na'urar da ba ta gida ba, daidai yake da bare a idon tsarin.

Haka nan rajistar PlayStation Plus. A na'urar gida, sauran masu amfani suna cin moriyar wasa da mutane ta intanet da wasannin da mai rajistar ya sauke. A na'urar da ba ta gida ba, shi kaɗai ke morewa. Kuma wasannin wata-wata da ake bayarwa da rajistar izininsu na da wa'adi: ranar da rajistar ta ƙare za su kulle ko da a na'urar gida ne, kuma bayan an sabunta biya sai na'urar ta haɗu da intanet ta karɓi sabon wa'adin.

Yadda ake dubawa da gyarawa

Kafin a taɓa komai, a fara tambayar wanda ya sayi wasan, wato asusun da aka biya kuɗi da shi. A gidan da mutum uku ke sayayya, wannan tambaya kaɗai kan warware rabin rikicin. Sai a shiga da sunan mai wannan asusun a kan na'urar da ke ba da matsala, a bi wannan hanya a PS5:

```
Settings > Users and Accounts > Other > Console Sharing and Offline Play
```

A PS4 kuma:

```
Settings > Account Management > Activate as Your Primary PS4
```

Shafin zai nuna ko tsarin a kunne yake ga wannan asusun a wannan na'urar. Dole a duba da sunan mai wasan, domin kowane asusu da nasa matsayin. Yaro na iya duba nasa ya ga a kunne, alhali na mahaifinsa, wanda shi ne ke ɗauke da wasannin, yana wata na'urar.

Idan a kashe yake, an gano dalilin, sai a yanke shawarar inda za a ajiye matsayin. Kunnawar tana buƙatar intanet sau ɗaya. Idan kuwa a kunne yake amma har yanzu akwai kwaɗo, to mai yiwuwa bayanan izinin da ke cikin na'urar ne suka saɓa da na kamfani, abin da kan faru bayan an yi ta juya matsayin tsakanin na'urori. Maganinsa shi ne Restore Licenses, wanda ke wuri ɗaya da saitin da aka ambata, ƙarƙashin Other a PS5, ƙarƙashin Account Management a PS4. Yana sa na'urar ta sake karɓo jerin izinin daga kamfani. Ba ya goge wasa, ba ya taɓa inda mutum ya tsaya a wasansa, kuma ba ya sake sauke komai mai nauyi. Sai dai a sani cewa ba ya ƙirƙiro izinin da babu shi. Mutane kan danna shi sau goma a kan na'urar da ba ta gida ba suna jiran abin mamaki.

Goge wasa a sake sauke shi ba ya magance matsalar lasisi, domin fayil ɗin da zai dawo a kulle yake kamar na farko. Manyan wasannin yanzu suna cin gigabait masu yawa, har wasu su haura ɗari, saboda haka wannan kuskure ne mai tsada ga mai sayen data. Kuskure na biyu shi ne goge sunan mai asusun daga na'urar gida don a rage cunkoson sunaye a allo. Ba sai ya riƙa shiga ba, amma dole sunansa ya zauna a kan na'urar. Idan aka cire shi, izinin ya bi shi, haka ma ajiyar wasanninsa.

Ga wanda aka sace wa na'ura, ko ta ƙone, ko ya sayar da ita bai kashe tsarin ba, akwai hanyar sauke duk na'urori daga matsayin gida ta shafin kula da asusu na Sony, a sashen Device Management. Ana iya yin wannan sau ɗaya ne kawai cikin wata shida, don haka ba abin da za a taɓa don gwaji ba ne. Ya kamata a sauya kalmar sirri tare da shi, in ba haka ba wanda ke riƙe da tsohuwar na'urar zai sake shiga ya janye matsayin.

Lokacin da laifin ba na rabon ba ne

Ba duk neman intanet ne binciken lasisi ba, kuma bambance su yana hana ɓata lokaci. Wasu wasannin an gina su ne a kan kwamfutocin kamfanin da ya yi su. Gran Turismo 7, wanda ya fito a watan Maris na 2022, yawancin sassansa ba sa buɗewa sai da intanet ko da faifai mutum ya saya, kuma a cikin watan da ya fito an yi fiye da yini guda ba a iya buga mafi yawansa saboda gyaran da kamfanin ke yi. Sashen Ultimate Team na wasan EA Sports FC ma haka yake. Alamar da ke raba su ita ce wurin da sanarwar ta fito. Idan kwaɗo ne a kan hoton wasan tun kafin a buɗe shi, ko sanarwa daga na'urar da kanta mai ambaton lasisi, to batun rabo ne. Idan wasan ya buɗe, ya nuna tambarinsa, sannan ya ce ya kasa haɗuwa, to buƙatar wasan ce, kuma matsayin gida ba zai taimaka ba.

Wani lokacin kuma intanet na gida lafiyarsa ƙalau, ɓangaren Sony ne ya tsaya. A ranakun 7 da 8 ga Fabrairun 2025, PlayStation Network ya tsaya na kusan yini guda a faɗin duniya, har kamfanin ya ƙara wa masu rajistar PlayStation Plus kwana biyar a matsayin diyya. A wannan rana aka ga bambancin a fili: masu na'urar gida sun ci gaba da buga wasanninsu na mutum ɗaya, waɗanda ke matsayin baƙi kuwa suka wuni suna kallon kwaɗo, kuma ba su iya mayar da matsayin ba saboda shi ma yana buƙatar tsarin da ya tsaya. Gwajin Test Internet Connection da ke sashen Network yana raba abubuwan biyu: yana nuna ko an samu intanet, sannan a wani layi daban ya nuna ko an samu shiga PlayStation Network. Idan na farko ya yi nasara na biyu ya gaza, ƙara sayen data ba zai gyara komai ba.

Binciken lasisin kansa ba ya cin data mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne haɗin da ba ya yankewa. Shi ya sa mai raba intanet daga wayarsa kan sha wahala: kira ya shigo, ko mai wayar ya fita tsakar gida da ita a aljihu, sai ƙidayar mintuna ta fara. Haɗi mai rauni amma tsayayye ya fi amfani a nan fiye da mai gudu da ke ɗaukewa. Wanda ya ga gargaɗin, abu na farko da zai yi shi ne ya adana inda ya tsaya kafin ya tafi neman abin da ya samu intanet ɗin.

Wasannin da ake loda wa mutum a kasuwa

A nan ne batun ya fi shafar aljihun mai saye a Najeriya. Ƙasar ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation Network, saboda haka mutane kan zaɓi Amurka ko Birtaniya ko Afirka ta Kudu, su riƙa sayen katin kuɗi na wannan ƙasar. Wahalar biya da tsadar dala sun buɗe kasuwa ga masu sayar da wasa mai araha ta hanyar asusun da su ke riƙe da shi. Wanda ya fahimci bayanin da ya gabata ya riga ya san abin da suke sayarwa. Asusu ɗaya ne da aka sayi wasa sau ɗaya a kansa, sai a sayar wa mutum ɗaya matsayin gida, a sayar wa wani matsayin baƙo, wani lokacin a sake yin haka a ɓangaren PS4. Wanda ya samu mafi arha yawanci shi ne baƙon: zai yi wasa ne da sunan da ba nasa ba, da intanet kullum, kuma duk lokacin da wani ya shiga asusun za a fitar da shi.

Mai matsayin gida ma ba shi da tabbas. Kalmar sirri da adireshin imel suna hannun mai sayarwa, kuma ranar da ya ba wani matsayin, ko ya sauke duk na'urori daga shafin Sony, wasan zai kulle a haɗuwa ta gaba da intanet. Wannan ne ya sa wasu masu sayarwa ke gargaɗin kada a haɗa na'urar da intanet bayan an loda. Sharuɗɗan Sony sun hana sayar da asusu ko miƙa shi ga wani, kuma idan aka rufe asusun babu inda mai saye zai kai ƙara, tunda a rubuce bai sayi komai ba. Haka abin yake ga PS4 ko PS5 ta hannu da aka tallata da cewa cike take da wasanni: wasannin na asusun tsohon mai ita ne, kuma suna nan ne har zuwa ranar da ya kunna tsarin a sabuwar na'urarsa. Mai saye ya kamata ya yi cinikin na'urar a kan darajarta ita kaɗai, sai faifan da aka miƙa masa a hannu.

Zaɓen ƙasa yana haifar da wani kulli da ake yawan ɗauka na lasisi ne. Ƙarin kayan wasa da ake saye daban dole su dace da yankin wasan. Wanda ke da faifan Turai ya sayi ƙarin daga shagon Amurka zai iya ganin an karɓi kuɗinsa amma wasan bai gane kayan ba, kuma ba a sauya ƙasar asusu bayan an buɗe shi.

A sauran na'urori

Masu Xbox suna da irin wannan tsari da sunan My home Xbox, na'ura ɗaya ga kowane asusu, sai dai kamfanin Microsoft ya iyakance sauya ta zuwa sau biyar a shekara. Nintendo Switch ta daɗe a kan tsarin na'urar gida da baƙuwa, amma a watan Afrilun 2025 kamfanin ya kawo abin da ya kira Virtual Game Card. A wannan tsari ana ɗauke wasan daga na'ura ɗaya a saka shi a ta biyu kamar yadda ake yi da katin wasa na hannu. Ana buƙatar intanet lokacin sakawa da cirewa, bayan nan kuma ana wasa ba tare da shi ba, kuma ana iya ara wa ɗan rukunin iyali wasa na kwana 14. Abin da aka rasa shi ne, yayin da wasan ke kan na'ura ɗaya, ɗayar ba ta da shi.

A PlayStation, gidan da ke da PS4 ɗaya da PS5 ɗaya ya fi mai PS5 biyu sa'a, domin asusu ɗaya na iya riƙe su biyun a matsayin na gida, kuma wasannin PS4 da aka saya za su buɗe a kan kowacce ba tare da intanet ba. Gidan da ke da PS5 uku kuwa, na'ura biyu kaɗai saye ɗaya zai iya ɗauka a lokaci guda, ɗaya ta gida, ɗaya ta mai asusun. Ta ukun sai da wani saye a wani asusun, ko da faifai idan tana da wurin saka shi.